Yadda ake shigar da harajin kamfani a littafi, daga tanadin ƙarshen shekara har ranar biya

Akwai wani kuskure da nake ta cin karo da shi a littattafan kamfanoni nan Gombe, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Zaka buɗe leja ka ga akawun ɗin harajin da ake bin kamfani yana ɗauke da wasu miliyoyi tun shekara biyu ko uku da suka wuce, baya motsi, ka tambayi mai kamfanin yace maka ai mun biya, ga rasit ma. Kuma gaskiya ya faɗa, an biya. Matsalar ita ce wanda ya shigar da biyan ya kai shi akawun ɗin kashe kuɗi maimakon ya kai shi ya goge bashin, sai harajin shekara ɗaya ya ci riba sau biyu, bashin kuma yana nan zaune a takarda kamar ba'a taɓa shi ba. Toh wannan rubutun akan haka ne, zan bi shekara ɗaya ta wani kamfani daga farko har ƙarshe da lambobi, kamfanin misali ne na ƙirƙira don bayani amma tsarinsa irin wanda muke gani ne kullum.

Abu ɗaya nake so ya zauna tun yanzu. Harajin shekara yana shiga littafi a matsayin kashe kuɗi sau ɗaya tak, a shekarar da aka samu ribar, ba ranar da kuɗin ya fita daga banki ba. Ranar da kuɗin ya fita bashi kake biya. Kamar mai shagon da ya ɗauki siminti bashi a watan Disamba ya biya a Yuni, ai ba zaka ce a Yuni ya sayi simintin ba.

Akawun uku ne zamu yi ta juyawa a kansu, kuma zan rubuta sunayensu yadda suke fitowa a kan allon manhaja tunda haka zaka same su. Na farko `Income tax expense`, wannan yana cikin lissafin riba da asara, ƙasa da layin riba kafin haraji, kuma duk ƙarshen shekara ana rufe shi ya koma sifiri. Na biyu `Current tax payable`, shine bashin da hukumar haraji ke bin kamfani, yana cikin basussukan da za'a biya cikin shekara, shi baya rufuwa, tsallakawa yake zuwa sabuwar shekara. Na uku `WHT receivable`, wato kuɗin da kwastomomi suka cire daga kuɗinka suka ce zasu kai wa hukuma da sunanka, wannan kadara ce, kuɗinka ne da ya riga ka zuwa can. In littafinka bashi da ukun nan a rarrabe, tsaya ka buɗe su kafin komai. Kuma don Allah kar a cusa VAT da PAYE cikin akawun ɗin bashin nan, na sha ganin akawun ɗaya mai suna haraji kawai an zuba komai a ciki kamar kwandon shara. Harajin ribar kamfani na tarayya ne, hukumar FIRS ke karɓa a 2024, shekarar da muke magana, PAYE na ma'aikata kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jiha yake zuwa, VAT ma ba daga ribarka yake fita ba, ba abin da ya haɗa su.

Kamfanin namu yana sayar da kayan gini, siminti da rodi da kwano, yana kuma ɗan taɓa kwangilar kai kaya ga ma'aikatu, shekararsa tana ƙarewa 31 ga Disamba. Shekarar da zamu yi ita ce 2024. Cinikin shekara naira miliyan 420, wato ya haura miliyan 100, saboda haka a dokar lokacin babban kamfani ne, kashi 30 cikin ɗari zai biya. A waccan dokar, wanda cinikinsa ke tsakanin miliyan 25 da miliyan 100 kashi 20 ne, wanda bai wuce miliyan 25 ba kuma baya biyan harajin riba amma dole ya shigar da takardunsa.

Mataki na farko ba ƙarshen shekara bane, farkonta ne. Ka duba me ka gada. A ranar 1 ga Janairun 2024 akawun ɗin bashin haraji yana da kiredit na 11,000,000, wato ƙiyasin da aka yi na harajin 2023. Doka ta ba kamfani wata shida bayan ƙarshen shekararsa ya shigar da takardu ya biya, kenan 30 ga Yuni ga mai rufewa a Disamba. Da aka zauna aka yi lissafin ƙarshe a watan Yuni sai ainihin harajin ya fito 11,600,000, ƙiyasin bara ya gaza da 600,000. Mutane na ruɗewa a nan, wai a koma a buɗe littafin 2023 a gyara. A'a. An riga an sa hannu a wancan lissafin, odita ya tafi, kuma ƙiyasi ne ya ɗan kauce ba sata ko ɓataccen lissafi ba, don haka bambancin yana shiga shekarar da aka gano shi:

```
Dr Income tax expense (prior year)    600,000
   Cr Current tax payable                 600,000
```

Ni nakan buɗe masa ɗan ƙaramin akawun daban a ƙarƙashin na kashe kuɗin haraji, saboda a bayanan da ke bin lissafin shekara sai an nuna shi a layinsa, ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya IAS 12 ta nemi haka, kuma in ka cakuɗa shi da na bana zaka sha wahalar tsamo shi daga baya. Sai dai fa in abin da aka gano babban kuskure ne na gaske, misali an manta da harajin shekara guda ɗungurungum, wannan ba gazawar ƙiyasi bane, gyaran lissafin baya ne a ƙarƙashin IAS 8, zama ne da odita ba jona ɗaya ba.

Yanzu bashin ya zama 11,600,000, sai biya. Kamfanin yana da kiredit na WHT na 4,000,000 da hukuma ta amince da shi, sauran 7,600,000 aka tura daga banki:

```
Dr Current tax payable     11,600,000
   Cr WHT receivable            4,000,000
   Cr Bank                      7,600,000
```

Bayan wannan jonar akawun ɗin bashin ya dawo sifiri, kuma haka ya kamata ka same shi daga Yuli har Disamba in ba kana yin tanadin wata wata ba. Lura babu inda akawun ɗin kashe kuɗi ya fito a jonar biya. Nan ne ake faɗawa rami, yaron da ke shigar da takardar banki yaga an rubuta FIRS a bayanin kuɗin da ya fita, sai ya nemi akawun mai kalmar haraji ya danna na farkon da ya fito masa. Na taɓa zama da wani Alhaji a ofishinsa kan irin wannan, fanka na kaɗa takardu muna danne su da kofin shayi, ya ciro rasit daga cikin wata jakar leda ya ajiye min a gaba yace "Malam akanta, ka duba da idonka, ni za'a ce ban biya ba?" Nace "Ranka ya daɗe ka biya, ba wanda ke binka ko kwabo, littafin ne bai sani ba." Gyaran ma jona ɗaya ce in cikin shekarar aka kama, ka yi debit na bashin ka yi kiredit na kashe kuɗin da adadin da aka kai wurin da bai dace ba.

Kafin mu kai Disamba bari in ɗan tsaya kan WHT, don shima daga tsakiyar shekara ake ɓata shi. Ka kai kaya na 10,000,000, bari mu ajiye zancen VAT gefe, aka biya ka 9,500,000 aka riƙe 500,000. Wasu sai su rubuta 9,500,000 kawai su bar 500,000 tana rataye a kan kwastoma shekara da shekaru kamar ya ƙi biya, wasu kuma su kai ta kashe kuɗi su ce an ci mu haraji. Duk biyun ba daidai bane. Kwastoma ya gama biya, kuɗin kuma basu ɓata ba, kafin alƙalami ne na harajinka:

```
Dr Bank                9,500,000
Dr WHT receivable        500,000
   Cr Trade receivables     10,000,000
```

A haka a haka kamfanin namu ya tara 5,200,000 a wannan akawun ɗin cikin 2024. Riƙe lambar, zamu dawo kanta.

Toh mun zo ƙarshen shekara, inda ainihin aikin yake. Jonar kanta layi uku ce, abin da ke cin lokaci shine samo adadin. Kuma ba zaka iya samo shi ba sai ka gama duk sauran jonoji, an ƙirga kayan sito, an shigar da raguwar darajar motoci da injina, an tanadi kuɗin odita da wutar Disamba da albashin da ba'a biya ba, saboda duk abin da ya taɓa riba ya taɓa haraji. Haraji shine jona ta ƙarshe. In ka yi shi da wuri sannan aka zo aka ƙara wani kashe kuɗi, sai ka sake.

Ribar kamfanin kafin haraji ta tsaya 48,000,000. Kuskuren masu gaggawa shine su buga kashi 30 a kan wannan su samu 14,400,000 su rubuta su tashi. Hukuma ba ribar littafinka take sa wa haraji ba, tana da nata lissafin, akwai abubuwan da kai ka cire a matsayin kashe kuɗi ita bata yarda da su ba, dole ka mayar da su kan ribar. A nan guda uku ne. Raguwar darajar kadarori 9,000,000, wannan kullum ana mayar da ita, saboda kowane kamfani da yadda yake ƙiyasta shekarun motarsa, hukuma kuma bata son ƙiyasin kowa, nata alawus ɗin take bayarwa a madadi. Sai tarar 500,000 da aka ci kamfanin, tara bata cikin abin da ake cirewa. Sai gudummawar 1,500,000 da Alhaji ya bayar ga wata ƙungiyar unguwa da azumi daga asusun kamfani, lada yana nan insha Allah, amma dokar haraji sai ƙungiyoyin da ke cikin jerin da ta amince da su take yarda a cire gudummawarsu. Wannan ita ce maganar da ta fi wahalar faɗa wa mai kamfani, ni dai nakan ce masa ba'a hana bayarwa ba, kawai gwamnati tace ba da kasonta ba.

```
Profit before tax          48,000,000
+ Depreciation              9,000,000
+ Fine                        500,000
+ Donation                  1,500,000
= Assessable profit        59,000,000
- Capital allowances       14,000,000
= Total profit             45,000,000
```

Layi biyu ne masu muhimmanci a nan kuma kar ka haɗa su, 59,000,000 da 45,000,000. Harajin ribar kamfani ana buga shi a kan na ƙasan, bayan an cire alawus na kadarori, kashi 30 na 45,000,000 ya bada 13,500,000. Harajin ilimi na lokacin kuma, mai tafiya asusun TETFund, ana buga shi a kan na saman, kafin a cire alawus, kuma a 2024 kashi 3 ne, ya tashi daga 2 zuwa 2.5 sannan dokar kuɗi ta 2023 ta kai shi 3. Kashi 3 na 59,000,000 shine 1,770,000. In ka buga shi a kan 45,000,000 zaka samu 1,350,000, ka gaza da 420,000 tun kafin a je ko'ina, kuma wallahi wannan kuskuren ya fi yawa fiye da yadda kake zato, musamman wurin wanda ya kwafi tsohon fayil ɗin wani bai duba inda fomular ke nuni ba.

Shi alawus ɗin 14,000,000 daga jadawalin kadarori yake fitowa, motocin dakon kaya da janareta da sito, kowanne da kasonsa. Ga kamfanin da ba masana'anta ba kuma ba harkar noma ba, dokar lokacin ta taƙaita abin da zaka ci a shekara ɗaya zuwa kashi biyu cikin uku na ribar saman nan, sauran ka tsallaka da shi gaba. Kashi biyu cikin uku na 59,000,000 ya haura miliyan 39, namu 14 ne, ba matsala. Sai gwaji ɗaya da bana tsallakewa ko da riba ta yi kyau, wato mafi ƙarancin haraji na dokar lokacin, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ciniki. A nan 420,000,000 ya bada 2,100,000, harajinmu ya fi shi nesa ba kusa ba, shikenan. Amma a waccan dokar, shekarar da riba ta faɗi ko aka yi asara, wannan lambar ce zata zama tanadinka, kar kace asara muka yi babu haraji ka bar akawun ɗin fayau. A 2024 akwai kuma ɗan kuɗin asusun 'yan sanda, kashi 0.005 na riba, a nan naira 2,400 ne kacal, na bar shi waje don lambobin su zauna sumul, kai ka saka naka.

Jimla kenan 13,500,000 da 1,770,000, wato 15,270,000. Ga tanadin ƙarshen shekara, kwanan watan da zaka sa masa 31 ga Disamba 2024 ko da a Fabrairu kake zaune kana bugawa:

```
Dr Income tax expense - CIT          13,500,000
Dr Income tax expense - Education     1,770,000
   Cr Current tax payable                15,270,000
```

Ko sisi bai fita daga banki ba, amma riba ta ragu kuma bashi ya bayyana. Wannan shine amfanin abin gaba ɗaya, don in babu shi Alhaji zai kalli 48,000,000 ya ɗauka nasa ne duka, ya raba ko ya zuba a sabon kaya, Yuni ta zo a fara neman rance. Abin da zai fito a lissafin riba da asara na 2024 kuma ba 15,270,000 bane kaɗai, har da gazawar bara, 15,870,000 kenan, riba bayan harajin bana ta zama 32,130,000. Nace bayan harajin bana saboda akwai wani ɗan uwansa da ake kira harajin da aka jinkirta, wanda ke tasowa daga bambancin raguwar daraja da alawus, shi akawun ɗinsa daban jonarsa daban, baya taɓa bashin da muke magana a kai kuma ba'a tura wa hukuma shi a Yuni, zancensa na wata rana ne.

Wata ƙaramar magana mai tsada, manhajoji da yawa suna da wani ɗan akwati da zaka danna jona ta juye da kanta ranar 1 ga sabon wata. Yana da amfani ga tanadin kuɗin wuta, inda takardar zata zo cikin sati biyu a shigar da ita. Ga haraji ni bana danna shi. In ka juye shi ranar 1 ga Janairu, daga nan har Yuni littafinka zai nuna ba'a bin kamfani komai, kuma akawun ɗin kashe kuɗi zai nuna kiredit na miliyan 15 kamar riba ce ta faɗo daga sama, duk wanda ya kalli rahoton wata uku na farko, banki ne ko mai kamfani, ƙarya ya gani. Bar bashin ya zauna har ranar da aka biya shi.

Yanzu ta yaya zaka san ka yi daidai? Gwaji biyu nake yi, basa cin minti goma. Na farko ka bi motsin akawun ɗin bashin daga farko zuwa ƙarshe:

```
Opening balance            11,000,000
+ Prior year shortfall        600,000
+ Charge for 2024          15,270,000
- Paid from bank            7,600,000
- WHT credit used           4,000,000
= Closing balance          15,270,000
```

Abin da ya rage dole ya zama daidai da harajin bana kaɗai, in dai babu wata tsohuwar shekara da ake jayayya a kanta. Da ace an kai biyan Yuni wurin kashe kuɗi kuma ba'a taɓa WHT ba, ba'a shigar da gazawar 600,000 ba, zaka ga 26,270,000 a nan, tsohon 11,000,000 yana zaune a kan sabon. Duk sanda ka ga ragowar ta fi harajin shekarar, kuma rarar ta yi kama da lambar bara, ba sai ka yi dogon bincike ba, je ka duba inda aka kai biyan Yuni. In kuma ragowar ta gaza da 600,000 daidai, an biya 11,600,000 ne ba'a shigar da gazawar ba.

Gwaji na biyu ka tashi daga lissafin mai gaggawa ka ga ko zaka iso naka. Kashi 30 na 48,000,000 shine 14,400,000. Tara da gudummawa 2,000,000 ne, kashi 30 ɗinsu 600,000, ka ƙara. Alawus ya fi raguwar daraja da 5,000,000, kashi 30 ɗinsa 1,500,000, ka cire. 14,400,000 da 600,000 ban da 1,500,000 ya bada 13,500,000, ya haɗu. In bai haɗu ba akwai abin da ka mayar a lissafi ɗaya baka mayar a ɗayan ba. Irin wannan daidaitawar odita zai nema dama, gara ka riga shi.

Sai mu koma kan 5,200,000 ɗin WHT. Jarabar da ke nan ita ce mutum ya cire ta daga bashin tun Disamba ya nuna ana binsa 10,070,000 kawai. Ni bana yi, kuma dalilina ba na ƙa'ida bane kawai, na gani da ido ne. Abin da littafinka ya ce an cire maka daban, abin da ya isa wurin hukuma da lambar TIN ɗinka daban. Da aka shiga TaxPro-Max, shafin intanet na FIRS, aka duba, 4,300,000 ne ya bayyana, 900,000 babu labari, ko wanda ya cire bai tura ba tukuna ko ya tura da lambar da ba taka ba. Hukuma kuma abin da ta gani a wurinta shi zata rage maka. Don haka ka bar WHT a gefen kadara, bashin a gefensa cikakke, ranar da aka yi amfani da kiredit ɗin a takardar shekara ranar zaka haɗa su. Ita 900,000 ɗin aikin bin sawu ne, a ɗauki jerin inbois ɗin da aka cire a kansu a je wurin kwastoman a nemi shaidar turawa, in ta shekara biyu uku babu alamar zata fito sai a yi maganar rage darajarta a littafi, kar a bar ta tana ƙawata lissafi. Kuma ka sani kiredit ɗin WHT harajin riba yake ragewa, harajin ilimi da kuɗi ake biyansa, ka tanadi 1,770,000 ɗinsa a banki.

Saura zagaye na ƙarshe, 2025. A ce wajen haɗa takardun shekara aka gano akwai wata mota da aka saya a Nuwamba ba'a sa ta a jadawalin alawus ba, alawus ya tashi daga 14,000,000 zuwa 15,000,000. Harajin riba ya sauka da 300,000 ya koma 13,200,000, harajin ilimi bai motsa ba tunda shi kafin alawus ake buga shi. Tambayar da zaka yi ita ce yaushe aka gano. In daraktoci basu sa hannu a lissafin 2024 ba tukuna, ka koma ka gyara jonar 31 ga Disamba kai tsaye, don motar tana nan tun kafin shekara ta ƙare, bayani ne ya zo a makare. In an riga an sa hannu, ya zama rarar tanadi, ta shiga 2025, kishiyar abin da muka yi da 600,000 ɗin can. Mu ɗauka an sa hannu:

```
Dr Current tax payable        300,000
   Cr Income tax expense (prior year)    300,000

Dr Current tax payable     14,970,000
   Cr WHT receivable            4,300,000
   Cr Bank                     10,670,000
```

Kuɗin bankin kashi biyu ne, 8,900,000 na harajin riba bayan an cire WHT daga 13,200,000, da 1,770,000 na ilimi, kowanne da rasit ɗinsa, ka manna su a bayan jonar. Bashin ya koma sifiri, WHT ya rage 900,000 da duk abin da aka tara a sabuwar shekara.

In kamfani ya zaɓi ya riƙa biya kaɗan kaɗan kafin wa'adi, kowane biya debit ne a kan bashin, ba wani sabon abu. In har biyan ya wuce abin da ake binka akawun ɗin ya juya ya zama debit, a lissafin ƙarshen shekara sai ka ɗauke shi ka nuna shi cikin kadarori a matsayin harajin da za'a dawo maka da shi ko a rage maka gaba, ba'a barin bashi da alamar ragi. In kuma aka makara, dokar lokacin tana cin 25,000 a watan farko na rashin shigar da takardu da 5,000 duk watan da ya biyo, rashin biya kuma kashi 10 na kuɗin da ruwa a kai. Waɗannan ni akawun daban nake kai su cikin kashe kuɗin gudanarwa, bana cusa su cikin harajin shekara, saboda zasu lalata maka gwaji na biyun can, kuma baɗi sai ka tsamo su ka mayar kan riba kamar waccan tarar 500,000.

Lambobin da na yi amfani da su na dokar da ke aiki a kan 2024 ne. An sa hannu a sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, FIRS ta koma NRS, harajin ilimi da wasu ƙananan kuɗaɗe irin na asusun 'yan sanda aka dunƙule su cikin harajin raya ƙasa guda ɗaya na kashi 4, an kuma canza ma'aunin ƙaramin kamfani. Saboda haka kafin ka buga kaso a kan kowace riba ka tabbatar wace doka ce ta hau kan shekarar da kake rufewa, ka gyara fomular da ke cikin fayil ɗinka, layin da ke ɗauke da `Education` ka buɗe masa sabon akawun da sabon suna maimakon ka goge tsohon, don lambobin bara na kwatance suna buƙatarsa. Debit da kiredit ɗin kuwa suna nan inda suke.